Gargaɗin ambaliya: a kwashe kaya daga bakin kogin Haɗeja kafin daren Laraba

Hasashen yanayi na wannan mako ya nuna cewa za a samu ruwan sama mai ƙarfi a kudancin jihar Kano da mafi yawan jihar Jigawa daga yammacin Laraba zuwa safiyar Asabar, kuma da yake ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwan watan Agusta, ana sa ran kogin Haɗeja zai tumbatsa ya malala zuwa gonakin fadama da unguwannin da ke kwari. Wannan hasashe ne, ba tabbaci ba, amma akwai sauran kwana biyu da za a iya yin shiri a tsanake.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne mazauna gaɓar kogi a ƙananan hukumomin Ringim, Taura, Miga, Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, Kiri Kasamma da Guri, musamman gidajen ƙasa da ke kusa da fadama ko kududdufi, da manoman shinkafa masu kwana a gona, da masunta, da makiyayan da suka yi mashekari a kwari. Mutanen da gidajensu ke kan tudu ba su da dalilin barin gida, sai dai su share magudanan ruwa, su duba gindin katanga.

Ya kamata mutanen Auyo da Haɗeja da Guri su lura da abu guda. Ruwan da ke cika kogin nan ba a kansu kaɗai yake sauka ba. Kogin Kano da kogin Challawa, waɗanda madatsun Tiga da Challawa ke kansu, su ne suke haɗuwa su bi ta Wudil su gangaro Jigawa, kuma ruwan yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso ƙasa. Saboda haka ana iya wayar gari rana ta fito sarai, babu ko ɗigon hadari, amma kogi yana ta hawa. Ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a yankin dausayin Haɗeja zuwa Nguru ita ma tana sa ruwa ya tsaya ya bazu gefe. Haka aka gani a daminar 2022, lokacin da ambaliya ta ci gonaki da gidaje masu yawa a wannan yanki.

Wani mai fito da wakilinmu ya tarar a mashigin wani ƙauye kusa da Auyo ya nuna masa turken da yake ɗaure kwalekwalensa, inda ya yi zane da wuƙa ranar Lahadi. Zuwa safiyar jiya ruwa ya shanye zanen, ya ɗara shi da kusan taƙi ɗaya. Ya ce ya daina fito bayan magariba, kuma ba ya ƙara mutum ko ɗaya a kan ƙa'ida, ko ranar kasuwa ce.

Ga magidantan da ke wuraren da aka ambata, abin yi kafin daren Laraba shi ne a mayar da hatsi da taki da dabbobi kan tudu, a ƙulle takardun gida da na makaranta da katin asibiti da magunguna a cikin leda, a cika waya da caji, sannan a tsayar da gidan ɗan'uwa ko makarantar da za a nufa. A fara fitar da tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara da masu buƙata ta musamman tun da rana, domin kwashe iyali cikin duhu da ruwa shi ne ya fi haɗari. Ɗakin ƙasa da gindinsa ya jiƙa ko bangonsa ya tsage, kada a kwana a cikinsa, ko da ruwan ya ɗauke.

Kada a ratsa ruwa mai gudu da ƙafa ko babur ko mota. Ruwan da bai wuce ƙwauri ba yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai gwiwa kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. Idan ruwa ya shiga gida a kashe wutar lantarki, kuma ruwan rijiyar da ambaliya ta taɓa sai an tafasa shi kafin a sha, saboda cutar amai da gudawa.

Zuwa lokacin haɗa wannan rahoto babu wata sanarwa daga hukuma cewa wata madatsa ta fashe, don haka a yi watsi da saƙonnin murya da ke yawo a waya ba tare da sunan mai magana ko ranar da aka yi su ba. Hasashen ruwan sama aikin hukumar kula da yanayi ta ƙasa NiMet ne, lura da hawan koguna na hukumar kula da al'amuran ruwa ta ƙasa NIHSA ne, agaji kuma na hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa NEMA ne da takwararta ta jiha. Mai neman ɗauki ya kira 112, ko ya sanar da mai unguwa ko dagaci. Za mu kawo sabon bayani kan matsayin kogin gobe da ƙarfe 7 na safe.