Tushen BGP ga sababbin ma'aikatan sashen sadarwa: a karanta kafin haɗin layi na biyu

Daren Asabar mai zuwa za mu haɗa layin kamfanin intanet na biyu, kuma ku ukun da kuka shigo sashen nan kwanan nan za ku kasance a ɗakin. Ina so kowa ya san abin da ake yi tun kafin a taɓa rauta. Lambobin da ke cikin takardar nan daga waɗanda aka keɓe don misali ne, na gaskiyar suna cikin fayil ɗin aikin.

Intanet tarin cibiyoyi ne masu zaman kansu, dubun-dubatarsu, kowace da mai ita da tsarinta. Ana kiran kowace ɗaya AS, kuma tana da lambarta. Tamu ita ce AS64500. Lambar da rukunin adireshinmu, 203.0.113.0/24, mai adireshi 256, duk daga hukumar rajista ta yanki muka same su. Irin waɗannan hukumomi biyar ne a duniya: AFRINIC, APNIC, ARIN, LACNIC da RIPE NCC. To amma rajista shaidar mallaka ce kawai. Ba ta gaya wa rautar kowa inda muke ba. Wannan aikin BGP ne, ƙa'idar da aka fara rubutawa a 1989, wadda sigarta ta huɗu ke cikin takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 4271.

Rautarmu tana buɗe zama da rautar maƙwabci ta TCP, a tasha ta 179. Idan zaman ya kafu, sai ta ce masa: 203.0.113.0/24 yana wurina, ni ce AS64500. Kamfaninmu na farko, AS64501, ya ɗora lambarsa a gaban tamu ya isar wa nasa maƙwabtan, su ma su ɗora tasu, a haka labarin ke bazuwa cikin 'yan mintuna. Wannan jerin lambobi shi ne AS_PATH. Yana hana sanarwa yin zagaye, domin duk rautar da ta ga lambarta a ciki watsi take yi da ita. Yana kuma taimakawa wajen zaɓen hanya: idan sauran ma'aunai sun zo ɗaya, gajeren jeri ne ke cin nasara. Ku lura, sanarwa fita take yi daga wurinmu, ita kuwa zirga-zirgar bayanai sai ta biyo sawunta ta shigo. Abin da muka sanar shi ke yanke abin da zai zo mana.

Ga yadda zai kasance a FRR, manhajar da ke tafiyar da BGP a rauta, zuwa kamfani na biyu, AS64502:

```
ip route 203.0.113.0/24 blackhole
ip prefix-list NAMU seq 5 permit 203.0.113.0/24
ip prefix-list SHIGA seq 5 permit 0.0.0.0/0
router bgp 64500
 neighbor 192.0.2.1 remote-as 64502
 address-family ipv4 unicast
  network 203.0.113.0/24
  neighbor 192.0.2.1 prefix-list NAMU out
  neighbor 192.0.2.1 prefix-list SHIGA in
```

Layin farko yakan ba sababbin shiga mamaki. Umarnin `network` ba ya sanar da rukuni sai yana nan daidai a teburin rautar, shi ya sa muka dasa shi da `blackhole`, hanyar da ke zubar da duk abin da ya bi ta. Ƙananan rassan da ke cikin ma'aikata suna da hanyoyinsu, kuma su za a bi. Ba za mu raba rukunin gida biyu mu ba kowane kamfani rabi ba, domin akasarin cibiyoyi ba sa karɓar abin da ya fi /24 ƙanƙanta a IPv4, ko /48 a IPv6.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta takardar nan. BGP ba ta da hanyar gane gaskiya da ƙarya a karan kanta. Kamar jita-jita take: abin da maƙwabci ya faɗa shi za a ɗauka, a kuma kai gaba. Sannan akwai dokar da ke gaba da duk wani zaɓe na BGP, wato rauta tana bin rukunin da ya fi ƙanƙanta wanda adireshin ya faɗa ciki, komai tsawon hanyarsa.

A ranar 24 ga Fabrairu 2008, Pakistan Telecom, AS17557, ya so toshe YouTube a cikin ƙasar, sai ya ƙirƙiri hanya zuwa 208.65.153.0/24. YouTube kuwa 208.65.152.0/22 yake sanarwa, wanda ya fi faɗi. Sanarwar Pakistan Telecom ta fita zuwa PCCW, kamfanin da ke haɗa shi da waje, wanda bai tace ta ba, ya watsa wa duniya. Kimanin awa biyu masu neman YouTube daga ƙasashe da dama suna faɗawa Pakistan. Kuskure biyu ne suka haɗu: wanda ya furta abin da ba nasa ba, da wanda ya karɓa bai duba ba. Da ɗayansu ya tace, da abin bai bar ƙasar ba.

Mu hatsarinmu wani iri ne, kuma daren Asabar zai fara. Muddin layi ɗaya gare mu, ba mu da wanda za mu kai wa labarin wani. Da zarar sun zama biyu, rautar da ba a ɗaure ta ba za ta iya ɗaukar hanyoyin da ta koya daga AS64501 ta miƙa wa AS64502, tamkar tana cewa a biyo ta kanmu. Babu rukunin da aka sace a nan, asalin kowace hanya daidai ne, amma layinmu bai kai ɗaukar kayan manyan kamfanoni biyu ba. Haka ta faru ranar 24 ga Yuni 2019: wani kamfanin ƙarafa a Pennsylvania ya isar da hanyoyin da ya koya daga wani ƙaramin kamfanin intanet zuwa Verizon, Verizon ya karɓa ya yaɗa, Cloudflare da wasu suka sha wahala. Jerin `NAMU` shi ne ke tsakaninmu da irin wannan: rukuni ɗaya ya halatta, duk sauran an hana. RFC 8212 ta 2017 ta ce kada rauta ta aika ko ta karɓi komai daga maƙwabci na waje idan ba a sa mata doka ba. FRR na yanzu yana bin wannan, amma ba kowace na'ura ba, don haka ba na dogara da shi.

Ta ɓangaren shigowa, hanyar gama-gari kaɗai za mu karɓa a yanzu, 0.0.0.0/0. Cikakken teburin IPv4 ya kai wajen hanya miliyan guda, kuma ba mu da buƙatarsa tukuna. Ranar da muka buɗe masa ƙofa, dole mu ƙi rukuninmu idan ya zo daga waje, mu ƙi adireshin cikin gida irin su 10.0.0.0/8, mu kuma sa `maximum-prefix` don zaman ya yanke idan maƙwabci ya yi mana ambaliya.

Su ma kamfanonin za su tace mu, kuma haka ya kamata. Kamfanin da ya karɓi sanarwarmu ba tambaya, ni shi nake tsoro. Suna gina jerinsu daga bayanan IRR, rajistar hanyoyin intanet, inda muka rubuta cewa AS64500 ce asalin rukuninmu. Mun kuma sa hannu a ROA ta tsarin RPKI, wato shaidar da ke faɗin AS ɗin da ke da izinin sanar da rukuninmu, da iyakar tsawo 24, ma'ana ban da abin da ya fi /24 ƙanƙanta. Duk cibiyar da ke dubawa za ta ga sanarwar wani a kan rukuninmu a matsayin `invalid`, ta yar da ita. Sai dai ROA asali da tsawo kawai take tabbatarwa, ba ta kama yoyon hanyoyi daga kamfani ɗaya zuwa ɗayan idan asalinsu da tsawonsu daidai ne.

A daren, za a sa jerin tacewa tukuna, maƙwabcin yana `shutdown`, sannan a buɗe zaman. Da ya kafu, wanda ke kan allo ya buga:

```
show bgp ipv4 unicast neighbors 192.0.2.1 advertised-routes
```

Layi ɗaya ya kamata ya fito, 203.0.113.0/24. Idan kun ga biyu ko fiye, ku rufe zaman nan take ba sai kun nemi izinina ba, daga baya a binciki dalili.