Takardar Koke Kan Yogot Mai Tsami

Tudun Wada, Zariya

Zuwa ga Manajan Rarraba Kaya,

Assalamu alaikum, Alhaji. Da fatan kana lafiya, ya kasuwa?

Ranar Talata direbanku ya sauke min jaka 6 na yogot ɗin leda, sai bayan la'asar ya iso, ledojin duk sun yi ɗumi, wasu ma sun kumbura suntum. Tun bai bar layinmu ba na fasa ɗaya, tsami kamar tsamiya, ruwa a sama, gudaji a ƙasa. Kada a ce rashin wuta ne, ko firji ba su shiga ba.

Shekara 3 muna ciniki, ban taɓa riƙe muku ko sisi ba. Don Allah a zo a kwashe su kafin Juma'a, a canza min ko a mayar min da kuɗina.

Na gode.

Naka,
Mai shagon bakin kasuwa