Jawabin ma'aikacin lafiya ga ɗaliban lise a Damagaram kan ɗanɗana ƙwaya

Assalamu alaikum. Malam darakta, malamai, na gode da wannan lokaci da kuka ba ni. Ƙannena maza da mata, ina kwananku? Na baya ku matso, ina so kowa ya ji ni.

Ni ma'aikacin jinya ne, a sashen gaggawa nake aiki. Maganar da na fi ji daga bakin abokan yaron da aka kawo mana ranga-ranga ita ce: "Wallahi likita, yau ne farkonsa." Sau da yawa kuma gaskiya suke faɗa. Kan wannan farkon na zo mu yi magana, domin na san abin da ake gaya muku a fada lokacin shayi: wai sau ɗaya ba ya komai.

Mu ɗauki tiramol, tunda shi ya fi yawo a garin nan. Magani ne na ciwo mai tsanani, dangin su kodin. Mu a asibiti miligiram 50 ko 100 muke ba babban mutum, ba ma wuce 400 a yini guda. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa, za ka ga an rubuta 200 ko 225 a jikin ƙwaya ɗaya. Ko rubutun ma ba abin dogara ba ne, tunda ta ɓarauniyar hanya ta shigo, babu hukumar da ta auna abin da ke ciki. Mai ba ka ita bai sani ba. Wanda ya sayar masa ma bai sani ba.

Jikinka ma ba ka san shi ba. Hanta ce ke sarrafa tiramol, kuma hantar wani tana yin aikin da sauri fiye da ta wani, abin gado ne. Shi ya sa abokinka zai haɗiye biyu ya hau babur, kai ka haɗiye ɗaya ka faɗi. Tiramol yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Na karɓi wani yaro ɗan ajin jarrabawa, wanda aka ce masa ƙwayar za ta hana shi barci ya yi bita. Ya cije harshensa har ya tsage, goshinsa ya bugi bakin dakali, rigarsa duk jini. Mahaifiyarsa tana tsaye bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Ya rayu, alhamdulillahi, amma jarrabawar bai zauna ta ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne haɗi. In aka gama tiramol ko ruwan kodin da diyazefam, numfashi yana raguwa a hankali. Abokai su ga yana minshari su ce barci yake, su rufe shi da zane su tafi, alhali iska ce ke yanke masa.

Sholisho da fetur kuwa suna iya rikita bugun zuciya nan take, ko a shaƙar farko. Wiwi tana iya tayar wa wani da taɓin hankali, musamman in akwai shi a dangi. Ga shi ƙwaƙwalwarku ba ta gama ginuwa ba sai wajen shekara 25, don haka ta fi ta manya saurin kamuwa da jaraba. Ƴan mata, da ku ma nake. A wajen biki ko zaman shisha, kada ki sha lemon da ba a gabanki aka buɗe shi ba.

Na san cewa a'a a gaban abokai ba sauƙi gare shi ba, za a ce maka matsoraci. Ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba. Ka ce "ba na sha", ka tashi ka bar wurin.

In kuma wani ya faɗi a gabanku, ku kwantar da shi ta gefe ɗaya, ku kawar da abin da zai ji masa rauni. Kada ku sa masa cokali a baki, kada ku ɗura masa nono ko ruwa, zai shaƙe. Ku kira babba, a kai shi asibiti maza. Ku gaya mana abin da ya sha, ku zo da fankon in kun gan shi. Mu ba ƴan sanda ba ne, sanin sunan ƙwayar yana taimaka mana mu san maganin da za mu ba shi.

Wanda ya riga ya taɓa, ko yake jin ya kasa bari, ina nan ajin da ke kusa da ofishin darakta har azahar. Ya zo shi kaɗai, maganar tsakaninmu za ta tsaya. Yanzu wa ke da tambaya? Ke mai farin hijabi, bismillah.