Sanarwa ga Dukkan Ma'aikata Kan Sauyin Tsarin Kamfani

Assalamu alaikum.

Shekara biyu ke nan reshenmu na Madina yana cin asara, domin mahajjata sun rage aika kaya ta jirgin ruwa, kuɗin hayar sito kuma ya ƙaru. Saboda haka za a rufe shi a ƙarshen watan Safar, a mayar da ayyukansa babban ofishinmu na Jidda.

Ba zan ɓoye muku ba, daga cikin ma'aikata 14 na reshen, guraben 9 kawai muke da su a Jidda, sauran 5 za a sallame su. Wannan ba laifin kowannensu ba ne. Za a biya su albashinsu da haƙƙin kammala aiki kamar yadda dokar ƙwadago ta Saudiyya ta tanada, kuma za mu taimaka wajen mayar da iƙamarsu hannun wani kafili. Zan gana da kowannensu ranar Lahadi.

Wassalam,
Babban Darakta