Taƙaitaccen Rahoton Bincike Kan Yiwuwar Aikin Rijiyar Burtsatse ta Al'umma

Zuwa ga kwamitin masu ba da tallafi

Kun nemi mu amsa muku tambaya ɗaya kafin ku saki kuɗi: shin wannan aiki zai yiwu, kuma zai ɗore? Amsarmu ita ce zai yiwu. Alamu sun nuna akwai ruwa a ƙarƙashin garin, jama'a suna buƙatarsa matuƙa, kuma mafi yawansu sun yarda za su riƙa biya. Sai dai muna ba ku shawara kada ku saki kuɗin gaba ɗaya. Ku raba shi zango biyu, kuma kada na biyu ya fita sai an ga ruwan da ido, an auna yawansa, an gwada tsabtarsa.

Halin da garin yake ciki

Garin yana da mutane kimanin 1,500 a gidaje 190, da makarantar firamare ɗaya da ƙaramin asibiti. Ruwansu daga rijiyoyi uku ne marasa murfi da wani rafi mai nisan kusan kilomita biyu. Biyu daga cikin rijiyoyin suna ƙafewa da rani, ta ukun kuwa sai an yi asubanci a samu abin da ya taru cikin dare. Mun ga yarinyar da ba ta wuce shekara goma ba tana jiran guga ya kwanta a ƙasan rijiyar, ta jawo shi rabi ruwa rabi laka, a lokacin da ya kamata a ce tana cikin aji. Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne kada zuwa ɗebo ruwa da dawowa, har da jiran layi, ya wuce minti 30. A nan da rani yakan kai awa biyu.

Mun kai ruwan rijiyoyin uku da na rafin ɗakin gwaji. Dukansu an samu ƙwayar cutar da ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a same ta ko guda ba a ruwan sha. Littafin asibitin garin ma ya nuna gudawar yara tana cikin manyan abubuwan da ake kawo musu.

Ruwa nawa ake buƙata

Mun yi lissafi da lita 20 ga kowane mutum a rana, wato jarka ɗaya. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ɗauka zai wadatar wajen sha, girki da ɗan tsabtar jiki. Mutum 1,500 suna buƙatar lita 30,000. Idan aka ƙara lita 3,000 na makaranta da asibiti, da wani 3,000 na abin da ke zubewa, buƙatar yau ta zama lita 36,000 a rana. In jama'a suka ci gaba da ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, nan da shekara goma za su kai 2,000, buƙatar kuma ta kai kusan lita 47,000. Ba mu sa dabbobi da ban ruwan lambu a lissafin ba. Su za su ci gaba da amfani da rafi da tsofaffin rijiyoyi.

Akwai ruwan kuwa?

Wannan ne wurin da ya fi kamata ku fahimta sosai. Mutane da yawa suna zaton akwai wani kogi kwance a ƙarƙashin ƙasa, duk inda aka huda za a same shi. A irin ƙasar wannan gari ba haka abin yake ba. Ƙarƙashinsa dutse ne mai tauri, ruwan kuma yana maƙale ne a wurare biyu: a ruɓaɓɓen saman dutsen, da cikin tsagoginsa. Shi ya sa za a iya haƙa rijiya a nan ta ba da ruwa sosai, a matsa mita hamsin a haƙa wata ta fito a bushe.

Masanin ƙasa ya auna wurare shida da na'urar da ke tura lantarki cikin ƙasa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin lantarki ya wuce cikin sauƙi, busasshen dutse kuwa yana tare shi, daga nan ake gane inda ya fi alamar ruwa. Wurare biyu sun yi kyau. Na farko yana yamma da makaranta, inda ake sa ran samun ruwa tsakanin mita 45 da 70. Na biyu yana gefen gari ta kudu, shi muka ajiye ko da na farkon zai ƙi. Dukansu sun fi mita 30 nesa da kowace salga ko garken dabbobi.

Na'urar alama take bayarwa, ba ta ganin ruwan. Don haka muka bi tarihin rijiyoyin burtsatse tara da aka haƙa a garuruwan da ke kewaye. Bakwai sun ba da ruwa, tsakanin lita 3,000 da 7,000 a awa, biyu sun fito a bushe. Duk wanda ya ce muku yana da tabbacin ruwa kafin a haƙa, ya faɗi abin da bai sani ba.

Bayan haƙa za a zura famfon gwaji a ja ruwa awa 24 ba tsayawa, ana auna yadda ruwan yake sauka, sannan a kashe a ga yadda yake dawowa. Wannan gwaji ne zai faɗi gaskiyar rijiyar. Ruwan da ke feshowa sama ranar haƙa, wanda ake ɗauka a hoto ana murna, iskar injin ce take turo shi, ba a yanke hukunci da shi. Famfon sola yana aiki sosai na kusan awa bakwai a rana. Idan rijiyar ta ba da lita 5,500 a awa, za a samu lita 38,500, wanda ya ishi buƙatar yau, sai a ci gaba da cikakken tsari. Idan ta ba da ƙasa da haka amma ta kai 2,500, za a sa ƙaramin famfo a kuma dawo muku da batun haƙa ta biyu. Idan ba ta kai haka ba, famfon tuƙa-tuƙa kaɗai za ta ɗauka, za a koma wuri na biyu.

Ko a sakamako mafi kyau da muke tsammani, rijiya ɗaya da ƙyar za ta ɗauki garin har shekara goma. Shi ya sa muka nemi a killace wuri na biyun tun yanzu, kada a yi gini ko salga kusa da shi.

Za a kuma gwada ruwan a ɗakin gwaji. Ban da ƙwayoyin cuta, akwai sinadaran da ba a gani ba a ɗanɗana. Fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, domin yawansa yana ɓata haƙoran yara, in ya yi tsanani har ƙashi. Naitiret kada ya wuce miligiram 50, domin yana da haɗari ga jarirai.

Abin da za a gina

Rijiya ɗaya da aka jera wa bututu har ƙasa, aka zuba tsakuwa a kewayensa don tace yashi, aka toshe samanta da siminti don kada ruwan sama ya gangara ciki da ƙazanta. Famfo mai aiki da sola zai tura ruwa zuwa tankuna biyu masu lita 10,000 kowanne a kan hasumiya, daga nan ruwan ya gangaro da kansa zuwa wuraren ɗiba huɗu masu kan famfo bibbiyu. Makaranta da asibiti kowanne zai samu nasa layin. Za a kewaye rijiyar da faranten sola da shinge.

Mun duba tuƙa-tuƙa, amma guda ɗaya bai kamata ya ɗauki fiye da mutum 500 ba, ke nan sai an haƙa rijiyoyi uku ko huɗu. Janareta kuma kullum sai an saya masa mai, ranar da babu kuɗin mai babu ruwa. Sola ta fi tsada a farko, amma farantenta sukan kai shekara 20. Rauninta shi ne ruwa yakan ragu a ranakun hadari, kuma ɓarayi suna son faranten.

Kuɗi

Cikakken adadin yana cikin takardar kasafi da ke haɗe da wannan rahoto. Daga kowane kashi 100, haƙa da gwaje-gwaje za su ci 30, famfo da sola 22, tankuna da hasumiya 18, bututu da wuraren ɗiba da shinge 13, horarwa da sa ido 7, sai 10 da aka ware don ko-ta-kwana. Idan ramin farko ya fito a bushe, asarar kusan kashi 10 ce, tunda ba za a sa masa bututu ba. Kason sa ido muna roƙon kada a taɓa shi. Da zarar an rufe rijiya ba mai iya ganin abin da ke ciki, don haka dole a samu injiniyan da ba na ɗan kwangila ba yana tsaye yana ƙirga kowane bututu da ya shiga.

Wa zai riƙe ta bayan kun tafi

A bayan kasuwar garin akwai wani tuƙa-tuƙa da aka kafa shekarun baya. Hannunsa ya yi tsatsa, ciyawa ta fasa dandamalin. Da muka buɗe shi, robar da ke jawo ruwa ce kawai ta cinye, abin da bai fi tafin hannu ba. Rijiyar tana da ruwa har yau. Babu asusu, babu wanda aka ɗora wa alhaki, kowa yana jiran waɗanda suka kafa su dawo. Wannan ya fi busasshen rami tayar mana da hankali, kuma shi ne abin da zai iya cinye kuɗinku.

Mun tambayi gidaje 120, 96 suka ce za su biya kuɗin jarka. A taron gari an amince farashin ya zama kashi ɗaya cikin biyar na abin da masu sayar da ruwa suke karɓa da rani, kuma kwamiti zai fitar da sunayen gidajen marasa ƙarfi da za su ɗiba kyauta. Lissafinmu ya nuna idan ana sayar da jarka 900 a rana, rabin kuɗin zai biya mai kula da famfo, mai gadi da ƙananan gyare-gyare, rabin kuma a tara don sauya famfon, wanda muka ƙiyasta zai buƙaci sauyi bayan shekara bakwai. Da damina ciniki zai faɗi, domin wasu za su koma rijiyoyin kyauta. Saboda haka ajiyar rani ce za ta riƙe shekara, kuma ba za a ranta wa kowa ita ba.

An zaɓi kwamitin mutum bakwai, huɗu daga ciki mata, tunda su ne suka fi sanin ranar da famfo ya fara rauni. Za a sa mita a bakin rijiya don a riƙa gwama ruwan da ya fita da kuɗin da ya shigo, a karanta lissafin a bainar jama'a duk wata uku.

Abin da muke nema ku amince da shi

Ku saki zango na farko, wato kashi 30 na haƙa da gwaje-gwaje, bayan an kawo muku takardu uku: shaidar mai fili cewa ya mallaka wa al'umma wuraren biyu, izinin haƙa daga hukumar ruwa, da shaidar buɗe asusun banki da sai mutum uku sun sa hannu kafin a cire kuɗi. Zango na biyu ya biyo bayan sakamakon gwajin awa 24 da na ɗakin gwaji. A riƙe kashi 10 na kuɗin ɗan kwangila har sai aikin ya shekara yana ba da ruwa.

Muna so a yi haƙa da gwajin a ƙarshen rani, lokacin da ruwan ƙasa ya fi yin ƙasa, domin abin da rijiyar ta bayar a lokacin shi za a iya dogara da shi duk shekara. Haƙa da gwaji za su ɗauki kusan mako shida, ginin sauran kuma wata huɗu. Idan amincewarku ta makara har ruwan sama ya sauka, motar haƙa ba za ta iya shiga hanyar garin ba, sai a jira wani ranin.