Saƙo ga shugabar kwamitin intabiyu: an yi mini tayin aiki a wani wuri

Talata, 18 ga Maris

Batu: Matsayin jami'in kula da ɗakin sanyi na magunguna, da wani sauyi da ya taso ta ɓangarena

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe.

Da fatan Hajiya tana lafiya, ya ƙoƙari da jama'a? Allah ya taimaka.

Ni ne wanda kuka yi wa intabiyu da ƙarfe 11 na safiyar Talata, 4 ga wannan wata, a kan aikin kula da ɗakin sanyi da siton alluran rigakafi. Da za mu rabu ran nan kin ce mini sakamako zai ɗauki mako huɗu zuwa biyar, kuma idan wani abu ya sauya ta wajena kafin lokacin, kada in ji nauyin sanar da ke. To, abin ya sauya, shi ya sa nake rubuto wannan saƙo.

Jiya Litinin, 17 ga wata, wani kamfani da na nemi aiki a wurinsu tun kafin in ga tallarku ya aiko mini da takardar tayin aiki, rubutacciya, da sa hannu. Da fari sun ba ni zuwa Juma'ar nan, 21 ga wata, in ba su amsa. Na kira su da yamma na roƙi ƙarin lokaci, na kuma faɗa musu gaskiya cewa akwai wani wuri da nake jiran sakamakonsa. Sun yi mini karamci, suka ɗaga wa'adin zuwa ƙarfe 4 na yammacin Juma'a, 28 ga Maris. Mai maganar ta ce mini daga nan ba ƙari, domin akwai wanda ke biye da ni a jerinsu, shi ma jira yake. Ban ga laifinsu ba, kuma ba ni da fuskar sake komawa in roƙa.

Na kwana ina juya maganar nan kafin in rubuto. Abin da ya sa na yi ta jan ƙafa shi ne kada saƙon ya zo miki kamar na sa wa kwamiti wuƙa a wuya. Wallahi ba haka nake nufi ba. Na san ba ni kaɗai kuka gana da shi ba, na kuma san ɗaukar ma'aikaci ba ya tsayawa a teburin mutum ɗaya, sai takarda ta bi ta hannun masu kuɗi da na sama da su. Amma da na auna, sai na ga yin shiru ya fi muni. In na yi gum har 28 ga wata ta zo na karɓi wancan aiki, sannan ku kira ni bayan kwana uku ku ce ni kuka zaɓa, na ɓata muku lokaci, ni ma na yi asarar wurin da na fi so, duk a kan maganar da saƙo ɗaya zai iya warwarewa.

A cikin wuraren biyu, naku ne zaɓina na farko, kuma ba don in faranta miki rai nake faɗa ba. Wancan aiki ne mai kyau, mutanen kirki ne, sai dai yawancinsa lissafin kaya ne a kan kwamfuta: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya kusa lalacewa. Zan iya shi. Amma shekara shida da na yi a wannan layi, a bakin firji na yi su, kuma can zuciyata take. Ranar intabiyu da mataimakinki ya zagaya da ni ɗakin sanyi, na tsaya na duba takardar da ke manne a ƙofar kowane firji. An cike ta safe da yamma, har ranakun hutun ƙarshen mako, da sa hannun wanda ya duba. A wuri ɗaya ma'auni ya hau digiri 9, an zagaye shi da jan biro, an rubuta a gefe abin da aka yi da ƙarfe nawa ya dawo daidai. Wanda bai san aikin ba zai ga ƙaramin abu ne. Ni kuwa na taɓa aiki a inda ake cike takardar mako guda a zama ɗaya ranar Juma'a, digiri 5 daga sama har ƙasa kamar an buga da hatimi. Tun da na ga wancan jan biro na ce a raina, nan wurin aiki ne.

Tun da na riga na buɗe baki, bari in biya wani bashi. Kin tambaye ni me zan yi in na zo da safiyar Litinin na tarar ma'aunin firji ya faɗi ƙasa da sifili cikin dare. Na ce zan ware kayan, in rubuta a kansu kada a taɓa, in mayar da su firjin da ke tsakanin digiri 2 da 8, in kai rahoto. Duk daidai ne, amma na bar rabin amsar a baya, sai da na fito waje ta faɗo mini. Alluran da daskarewa ke kashewa, irin na ciwon hanta nau'in B da na tetanus, ba a gane lalacewarsu da ido bayan sun narke, sai an yi musu gwajin girgizawa. A ɗauki kwalba ɗaya daga rukuni guda da wadda ake zargi a daskarar da ita da gangan, a bari ta narke, a haɗa ta da wadda ake zargi a girgiza su tare, a ajiye su gefe da gefe a zuba ido. In wadda ake zargi ta kwanta da sauri kamar wadda aka daskarar, ko ma ta riga ta, ta tashi daga aiki. Na yi gwajin nan da hannuna ba sau ɗaya ba. Zafi kowa ke tsoro a aikin nan, alhali sanyin da ya wuce kima shi ke ɓarna a ɓoye.

Roƙona bai wuce abu ɗaya ba. Idan da hali in san matsayina kafin ranar Alhamis, 27 ga wata, zan ji daɗi ƙwarai. Ba lallai sai takarda ta fito ba, kiran waya ma ya isa in san inda na dosa, takarda ta biyo baya. Idan kwamiti ya riga ya karkata ga wani, a faɗa mini kai tsaye, ba zan riƙe kowa a rai ba, hasali ma an taimake ni ne. Idan kuma tsarinku ba zai ba da damar yanke hukunci kafin ranar ba, wannan ma amsa ce, zan san yadda zan yi da ita.

Ban ambaci sunan kamfanin ko abin da suka yanka mini ba, da gangan ne. Amana ce tsakanina da su, kuma ba ciniki na zo yi ba. Abin da muka tattauna game da albashi ranar intabiyu yana nan yadda yake, ban ƙara komai a kai ba. Idan ofishinku yana bukatar tabbacin cewa tayin na gaske ne, zan iya nuna shafin farko na takardar, in rufe sunansu.

Don kada wani abu ya tsaya ta wajena, na haɗo da kwafin takardun shaidar karatuna da sunayen mutum biyu da za su ba da shaida a kaina, tsohon shugabana da wata likitar magunguna da muka yi shekara uku tare. Na sanar da su, suna sauraron kira. Idan akwai wani daga cikin shugabanni da yake son ganina, kowace rana ta makon nan ko na gaba zan iya zuwa, in dai an gaya mini da kwana ɗaya don in nemi izini. Inda nake yanzu notis na wata ɗaya ake bayarwa, saboda haka in komai ya daidaita zan iya kama aiki ranar Litinin, 5 ga Mayu.

Na gode da lokacin da kika ba ni ran nan, da wanda kika ɗauka kika karanta wannan. Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.

Naki cikin girmamawa,
Mai neman aikin kula da ɗakin sanyi


Laraba, 19 ga Maris

Wa alaikumus salam, Malam.

Saƙonka ya iso, kuma ka kyauta da ka sanar da mu da wuri. Ina taya ka murna da tayin da ka samu.

Ga yadda abin yake. Kana cikin mutum uku da suka rage. Da a ranar 2 ga Afrilu kwamiti zai zauna, amma na yi magana da manaja, ya amince a dawo da zaman Laraba, 26 ga Maris, tunda sauran biyun ma an gama ganawa da su. Ba zan yi maka alkawarin sakamako ba, don ba ni kaɗai ke da ta cewa ba. Abin da zan iya ɗaukar maka shi ne zan kira ka da kaina ranar Alhamis kafin azahar, ko da wace irin amsa ce. Kada ka saki na hannu saboda mu kafin ka ji daga gare ni.

Lambar tsohon shugabanka ba ta shiga, a duba mana. Amsar gwajin girgizawa kuma na sa ta cikin fayil ɗinka.

Shugabar kwamiti


Laraba, 19 ga Maris

Ranki ya daɗe, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. A miƙa mini godiya wurin manaja, na san sauya ranar zama ba ƙaramin abu ba ne.

Na fahimci cewa babu alkawari, kuma ban ɗauke shi a haka ba. Wancan kamfani ba zan ce musu komai ba sai bayan mun yi magana ranar Alhamis, wa'adinsu yana nan har ƙarfe 4 na Juma'a.

Batun lamba kuskurena ne, tsohon layinsa na rubuta. Na kira shi yanzu, na sa sabuwar a takardar da ke haɗe da wannan saƙo. Ya ce an fi samunsa da safe kafin ƙarfe 10, bayan nan yana cikin sito, can kuma waya ba ta kamawa.