Amsoshin Tambayoyinku: Ina Amfanin Ƙungiyoyin Duniya Wajen Zaman Lafiya da Raya Ƙasa?

Wasiƙun da suka iso mana wannan makon galibinsu a kan Majalisar Ɗinkin Duniya da ECOWAS da Tarayyar Afirka suke. Mun zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya ta farko daga wani malamin sakandare ne a Katsina: Malam, ɗalibaina sun tambaye ni, tunda Majalisar Ɗinkin Duniya na da sojoji, me ya hana ta tsayar da yaƙin Sudan da na Gaza?

Malam, ka fara gyara musu wannan fahimtar: Majalisar ba ta da soja ko ɗaya nata na kanta. Masu shuɗiyar hular nan da ake gani aro ne daga ƙasashe irin su Nepal da Bangladesh da Indiya da Ghana da Ruwanda, kuma ba sa motsi sai Kwamitin Sulhu ya yanke shawara. Kwamitin na da kujeru 15, biyar daga ciki na dindindin ne: Amurka da Rasha da Sin da Birtaniya da Faransa. Ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta hau kujerar naƙi, magana ta mutu. Haka aka tsara ikon naƙin nan tun 1945, kuma shi ya sa duk rikicin da wata babbar ƙasa ke da hannu ko aboki a ciki, Majalisar ba ta wuce jawabi da kai agajin abinci.

Ko an amince a tura dakarun ma, da sharuɗɗa uku suke tafiya: yardar masu rikicin, rashin ɗaukar ɓangare, da rashin harbi sai don kare kai ko kare aikin da aka ba su. Ke nan su masu gadin sulhu ne, ba masu ƙulla shi da bakin bindiga ba. Inda ba a yi sulhun ba, babu abin da za su gada. A Ruwanda a 1994 an kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana ɗari, Kwamitin kuwa maimakon ya ƙara dakaru sai ya rage su zuwa 270. Nijeriya na cikin Kwamitin a lokacin, Farfesa Ibrahim Gambari ke wakiltar ta, kuma tana cikin waɗanda suka nemi a ƙarfafa rundunar. Wannan tabo ne da bai kamata a ɓoye wa ɗalibai ba.

Wata ɗalibar jami'a daga Zariya ta ce: To akwai inda suka taɓa yin nasara kuwa?

Akwai, 'yata, kuma da jinin 'yan ƙasarki a ciki. A watan Agustan 1990 rundunar ECOWAS mai suna ECOMOG ta sauka a Monrovia, babban birnin Laberiya, Nijeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin sojoji da kuɗi. A 1998 rundunar ta mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo. Daga baya Majalisar ta karɓi aikin a ƙasashen biyu, ta karɓe makamai daga hannun mayaƙa, aka yi zaɓe. Rundunarta ta bar Laberiya a 2018, shekarar da Ellen Johnson Sirleaf ta miƙa wa George Weah mulki lami lafiya.

Amma misalin da na fi so shi ne Bakassi, domin yaƙi ne da ba a yi ba. Nijeriya da Kamaru sun riga sun fara musayar wuta a kan tsibirin. Kotun Duniya ta ba Kamaru gaskiya a watan Oktoban 2002, Kofi Annan ya zaunar da Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa yankin a 2008. Mazauna wurin da dama sun rasa gidajensu da wuraren sunsu, kuma har yau akwai masu jin zafin hukuncin. Duk da haka ki auna da abin da yaƙi tsakanin maƙwabtan nan biyu zai jawo, tun daga gaɓar teku har Tafkin Chadi.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya rubuto da zafi: Mali ta kori MINUSMA, mu kuma mun bar ECOWAS. Ba alama ce ta cewa ƙungiyoyin nan ba su da amfani ba?

Alhaji, na fahimci fushinka, kuma rabin maganarka gaskiya ce. MINUSMA, wato rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shekara goma a Mali, daga 2013 zuwa ƙarshen 2023, ta rasa ma'aikata sama da 300, amma tsaro bai samu ba. Dalili shi ne an tura masu gadin sulhu inda ake yaƙi da ƙungiyoyin da ba su sa hannu a kowace yarjejeniya ba. Jama'a na ganin motoci masu sulke suna wucewa, ana kuma kashe su a ƙauyuka. Dole su yi tambaya.

Takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuwa, a ganina kuskure ne babba. An rufe iyaka, an yanke wutar lantarki, magani da abinci suka yi tsada. Wa ya ji a jikinsa? Talakan Maraɗi da na Jibiya, da na Birnin Ƙonni da Illela, mutanen da auratayya da kasuwa suka haɗa tun kafin a shata iyaka. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 ba tare da ya mayar da Bazoum ba.

Sai dai ka lura, Nijar da Mali da Burkina Faso da suka fita, su ma wata ƙungiyar suka kafa, wato Ƙawancen Ƙasashen Sahel, AES. Ɗan bindigar da ke tsallaka iyaka a kan babur ba ƙasa ɗaya ce za ta iya da shi ba. Kuma ECOWAS ɗin nan ita ta ba ka damar kai kaya Kano ko Kwatano ba tare da biza ba, ita ce ta sa Yahya Jammeh ya sauka a 2017 bayan ya faɗi zaɓe. Gyara take buƙata, kuma gyaran na farko shi ne ta riƙa tsawata wa shugaban farar hula da ya murɗe tsarin mulki kamar yadda take tsawata wa soja.

Ta ƙarshe daga wata ma'aikaciyar jinya ce a Gwambe: Ta fuskar raya ƙasa fa, taimako suke yi ko bashi suke ɗora mana?

Hajiya, duka biyun, gwargwadon ƙungiyar da kike nufi. Ke shaida ce a fannin lafiya. Cutar agana da ta bar zane a fuskokin kakanninmu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarta a 1980. Bushiya da ke share garken Fulani an kawar da ita a 2011. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ki tuna yadda aka dakatar da rigakafin a Kano a 2003. Abin bai daidaita ba sai da sarakuna da malamai suka shiga, mata irinku suka bi gida gida da akwatin sanyi. Kuɗi da allura daga waje suka zo, yarda kuwa a gida aka samo ta.

Bankin Duniya da Asusun Lamuni labarinsu daban ne, domin a can ƙuri'a gwargwadon jarin ƙasa take. Wanda ya ga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 a Nijeriya, ko karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ya san yadda albashi ya narke, asibiti da makaranta suka koma sai mai kuɗi. Ba na cewa a ƙi bashi gaba ɗaya. Manoman rani da dama sun amfana da shirin Fadama. Abin da nake nema shi ne duk rancen da za a ci da sunanmu a kai shi gaban majalisa a karanta sharuɗɗansa a fili, a faɗi aikin da za a yi da shi da shekarar da za a gama biya.

Tambayoyin da suka shafi neman kujerar dindindin ga Afirka a Kwamitin Sulhu suna da yawa, za mu ware musu filin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.